Mai iri ya ce masararsa na jure fari: mu saya a dunƙule ko mu fara gwadawa?

Sakatare: Assalamu alaikum 'yan uwa. Waɗanda ba su samu halartar taron jiya ba sun nemi a maimaita musu bayanin mai sayar da irin masarar nan, shi ya sa na saka shi cikin zauren nan da izinin Shugaba. Zai faɗi abin da ya zo da shi, sannan kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Alhaji, bismillah.

Mai iri: Wa alaikumus salam. Na gode Malam Sakatare, ina gaida Shugaba da iyayenmu da ke ciki. Abin da na kawo muku ingantaccen irin masara ne mai aure, wato wanda aka samu ta haɗa iyaye daban-daban, wanda aka fitar don wuraren da ruwa ke ɗaukewa a tsakiyar damina. Duk wanda ya taɓa noman masara ya san ciwon nan: ka yi sharar gona, ka yi huɗa, ka shuka, ka zuba taki, masara ta yi kore shar, sai sama ta yi shiru mako biyu ko uku, kana kallo ganye na naɗewa. Wannan irin an yi shi ne don irin wannan ranar. Saiwarsa na nitsewa ƙasa, ganyensa ba ya saurin ƙonewa, kuma yana yin goyo ko da an sha wuya. Kilo 20 ya ishi hekta ɗaya. Idan ƙungiya ta haɗa kai ta saya a dunƙule zan yi muku ragi, in kawo har inda kuke kafin ruwan shuka. Ni dai na ce muku, wanda ya shuka wannan ya rabu da fargabar fari.

Baba mai gonar jigawa: Ɗana, maganarka ta ƙarshe ce ta tsaya mini a rai. Na fi shekara 40 ina noma, ban taɓa ganin masarar da ba ta shan ruwa ba. Kana nufin ko ruwa ya ɗauke wata guda za ta yi?

Mai iri: Ranka ya daɗe Baba, ban ce ba ta shan ruwa ba. Na ce ta fi wadda kuka saba shukawa haƙuri.

Baba mai gonar jigawa: To ka faɗi haka tun farko. Haƙuri daban, rabuwa da fargaba daban.

Malamin gona: Baba ya taɓo wurin da ya kamata a tsaya. Bari in ɗan ja magana, ku yi haƙuri da ni, domin in an gane wannan, sauran tambayoyin za su zo da sauƙi.

Ƙishirwa ba ta yi wa masara illa iri ɗaya a kowane lokaci. Tana ƙarama, ta kai gwiwa ko ba ta kai ba, in ruwa ya ɗauke za ta naɗe ganye ta tsaya cik, amma ruwa na dawowa sai ta miƙe, sau da yawa ba a rasa abu mai yawa. Lokacin da fari ke karya manomi shi ne daga kamar mako biyu kafin ta fitar da kai zuwa mako biyu ko uku bayan ta fitar da gemu. Dalili kuwa, kan nan na sama shi ke zubar da bununi, gemun da ke bakin goyo shi ke karɓa, kuma kowane zaren gemu ƙwaya ɗaya yake wakilta. Zaren da bai samu bununi ba, gurbinsa a jikin totuwa fayau zai zauna. In da lafiya, gemu na biyo bayan kai da kwana ɗaya zuwa uku, sai su haɗu. In da ƙishirwa kuwa, kai yana fita kusan a kan lokacinsa, amma gemu sai ya makara, don shi ruwa yake buƙata ya yi tsawo ya leƙo waje. Karan masara ɗaya kamar mako guda yake yi yana zubar da bununi. In gemu ya makara ya wuce haka, ya fito ya tarar an tashi kasuwa. Shi ne za ka ga kara lafiyayye, ka ɓare goyo ka tarar da ƙwaya ɗai-ɗai kamar haƙoran tsoho, ko ma karan ya tsaya babu goyo sam.

Abin da masu binciken iri suka yi shi ne, suna shuka iri-iri da rani da ban ruwa, sai su yanke ruwan da gangan makonni kaɗan kafin fitar kai, su ga waɗanne ne gemunsu bai makara ba, waɗanne ne suka riƙe goyonsu. Su suke zaɓa su ci gaba da haɗawa. Cibiyoyin binciken noma na CIMMYT da IITA sun yi babban aiki a kan wannan daga 2007 zuwa 2015 a ƙasashen Afirka 13, ƙarƙashin shirin samar da masara mai jure fari da ake kira DTMA. Abin da aka saba faɗa game da irin da suka fitar shi ne yakan fi wanda aka saba shukawa amfani da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari idan farin matsakaici ne. Ku lura da kalmar matsakaici. In ƙasa ta bushe ƙurmus har saiwa ta rasa abin tsotsa, shi ma mutuwa zai yi.

Baba mai gonar jigawa: Allah ya saka da alheri Malam. Wallahi abin da ka kwatanta shi ya same ni shekara uku da suka wuce. Ruwa ya ɗauke kwana 17 daidai tana fitar da kai. Da ya dawo gonar ta sake yin kore, maƙwabta na yi mini barka. Ranar da na shiga na fara ɓare goyo ɗaya bayan ɗaya, na tsuguna a kan kunya na rasa abin cewa. Ina zaton tsutsa ce ko taki ne bai isa ba. Ashe gemu ne ya makara.

Ƙaramin manomi: Ni tambayata, ina da wani fili kusa da rafi, in na shuka wannan da rani ba sai na yi ban ruwa ba ke nan? Man inji ne ke cinye mini riba.

Malamin gona: A'a ƙanena, kada ka soma. Masara na shan ruwan da ya kai milimita 500 zuwa 800 daga shuka zuwa girbi, gwargwadon zafin wuri da tsawon kwanakinta, mai jure fari ma ba ta fita daga wannan lissafin ba. Giɓin damina take iya tsallakewa, rani kuwa ba giɓi ba ne.

Yaya mai shanun huɗa: Ni a ganina duk wannan dogon bayani magana ɗaya ce, mai jure fari ita ce mai saurin nuna. Ka shuka 'yar kwana 80, kafin ruwa ya tafi ka cire abinka. Ni haka nake yi kuma ban yi nadama ba.

Malamin gona: Yaya, dabararka daidai ce ga mai irin matsalarka, amma abu biyu ne ka haɗa. Mai saurin nuna gudun fari take yi, mai jurewa kuwa tsayawa take yi ta sha shi. Inda damina ke makara ko take yankewa da wuri, 'yar kwana 80 zuwa 85 ko 90 zuwa 95 ita ce magani. Amma inda damina ke da tsawo sai dai takan yi giɓi a tsakiya, saurin nuna kaɗai ba ya ceto. 'Yar kwana 90 takan fitar da kai wajen kwana 45 zuwa 50 da shuka. In giɓin ya faɗo daidai nan, ita ma ta shiga hannu, kuma ba ta da sauran kwanakin da za ta farfaɗo. Akwai irin da ya haɗa duka biyun, akwai wanda ɗaya kawai gare shi. Shi ya sa nake son Alhaji ya faɗa mana sunan irin da kwanakinsa. Irin da shirin DTMA kaɗai ya fitar sun haura 150, saboda haka "mai jure fari" ba suna ba ne.

Yaya mai shanun huɗa: To na ji, amma har yanzu ni 'yar gajeren zango ta fi kwanta mini. In shekara ta yi kyau dai na san mai dogon zango ta fi ta cika rumbu, wannan ban musa ba.

Mai iri: Malam, sunan na jikin kowace leda, da lambar rukunin da aka sarrafa, da takardar shaidar hukumar tantance iri. Zan ɗauki hoto in turo yanzu. Kwanakinsa 105 zuwa 110 ne. Kuma na karɓi gyaran Baba, na zarce a magana. Amma ina nan a kan cewa in aka shuka shi gefe da gefe da wanda ake ɗebowa daga rumbu, a shekarar da ruwa ya yi giɓi, za a ga bambanci da ido.

Hajiya Ma'aji: Alhaji sannu da ƙoƙari. Ni kuɗin jama'a ke hannuna, don haka tambayata ta baɗi ce. In mun saya bana, za mu iya ware iri daga abin da muka girbe mu shuka baɗi, ko kowace shekara sai mun dawo wurinka?

Mai iri: Hajiya, gaskiya mai aure ne, kowace shekara ake sabunta shi. In kin maimaita shi zai tsiro, zai yi goyo, amma ba zai ba ki abin da ya ba ki a farko ba.

Hajiya Ma'aji: To wannan ai shi ya kamata ka fara faɗa jiya. Rabin matan da ke cikin ƙungiyar nan daga rumbu suke ɗibar iri. Na taɓa ganin haka a gonar ƙanwata. An ba ta wani iri mai aure, shekarar farko gonar kamar an daidaita ta da igiya, kai ɗaya, goyo a wuri ɗaya. Ta zaɓi manyan goyo ta rataye, ta shuka shekara ta biyu. Sai ga wani kara ya fi mutum tsawo, na kusa da shi iya ƙugu, wani ya fitar da kai wani ko alama. Ta yi ta zargin taki.

Malamin gona: Hajiya, abin da kika gani shi ne halin mai aure. Iyaye daban-daban ake haɗawa a samu 'ya'yan farko masu ƙarfi kuma masu kama ɗaya. In aka sake shuka 'ya'yansu, halayen sai su warwatse, ƙarfin ya ragu, har jure farin da aka saya dominsa ba kowane kara zai gada ba. Akwai kuma ingantaccen iri marar aure, wanda a takarda za ki ga an rubuta OPV. Shi ana iya maimaita shi kamar damina uku kafin a sabunta, in dai an zaɓi goyo daga tsakiyar gona, nesa da masarar maƙwabta, tunda iska ke ɗaukar bununi. A shekara mai kyau da isasshen taki mai aure yakan fi shi amfani. Ga wanda ba shi da tabbacin kuɗin iri da na taki kowace shekara kuwa, marar auren ya fi rufin asiri. Shi ma akwai mai jure fari a cikinsa.

Hajiya Ma'aji: Alhaji kana da shi?

Mai iri: Ba na ɗauke da shi yanzu, amma zan iya nemowa in an faɗi yawan da ake so. Sai dai ribar da nake samu a kansa ba za ta bar ni in yi irin wancan ragin ba, gara in faɗa tun yanzu.

Inna mai kaji: Ku gafarce ni, ni jan launin nan na jikin ƙwayar ne ke ba ni tsoro. Shi ne wanda ake cewa an sauya masa halitta a ɗakin bincike? Kuma in ya ragu zan iya ba kaji?

Malamin gona: Inna, kada ki ba kaji, kada a niƙa, kuma a ɗauke shi daga inda yara ke wasa. Launin nan alama ce cewa an shafa wa ƙwayar maganin ƙwari da na ruɓewa, ba shi da alaƙa da sauya halitta. Irin da DTMA ya fitar ta hanyar haɗa aure da zaɓe aka same su. Akwai wanda aka yi da fasahar sauya ƙwayar halitta, kamar masarar TELA, shi kuma sunansa daban. Alhaji shi zai faɗa mana nasa wane ne.

Wani abu kuma game da launin: kada kowa ya ɗauke shi shaidar inganci. Mai ha'inci na iya rina masarar kasuwa ya ƙulla a leda.

Mai iri: Nawa na haɗin aure ne kawai Inna, ba a sauya masa komai ba. Maganar rini kuma gaskiya ce, mu ma tana ɓata mana suna. Shi ya sa ba na sayar da shi a buɗe ko a awo, sai a ledarsa a rufe.

Shugaba: Na karanta duka. Malam, mun ji ilimi, yanzu a ba mu abin yi. Alhaji na jiran amsa, damina kuma ba ta jiran kowa.

Malamin gona: Ranka ya daɗe, shawarata gwaji biyu ne, ɗaya na mako guda, ɗaya na damina guda.

Na farko kafin a biya ko sisi. A buɗe leda daga cikin kayan da za a kawo mana, ba wadda aka zo da ita don nuni ba. A ƙirga ƙwaya 100 ba tare da zaɓe ba, a jera a kan jiƙaƙƙen buhun algarara ko cikin yashi mai danshi, a rufe, a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa. A yi haka kashi huɗu daga leda huɗu. Ranar bakwai a ƙirga waɗanda suka fito da saiwa da tsiro lafiyayyu. Irin masara mai shaida ana sa ran 90 cikin 100 ko sama. Ga dalilin da ya sa wannan ba ƙaramin abu ba ne: in tsakanin kunya da kunya santimita 75 ne, tsakanin rami da rami 25, ƙwaya ɗaya a rami, hekta na ɗaukar tsiro kusan 53,000. In 70 kawai ke fitowa cikin 100, ka tashi da kusan 37,000, ka yi asarar sama da tsiro 15,000 tun fari bai zo ba.

Na biyu a gona. A samu mutum goma masu ƙasa daban-daban, mai jigawa da mai laka da mai tudu. Kowa ya ware kunya 12 masu tsawon mita 22 ya shuka irin Alhaji, a gefensa kunya 12 na irin da ya saba. Rana ɗaya za a shuka su, taki ɗaya, noma ɗaya. Nan ne mutane ke ɓata gwaji, sai a ba sabon iri wuri mai kyau da taki mai yawa, a bar tsohon a gefen hanya, sannan a ce sabo ya yi nasara. Ƙwaya dubu da 'yan kai ce ke shiga kunya 12 ɗin, rabin kilo ya isa mutum ɗaya, kilo 5 ya isa duka goman. Kowa ya riƙa rubuta ranar da aka yi ruwa, da ranar da rabin karan suka fitar da kai, da ranar da rabi suka fitar da gemu. Tazarar kwanakin nan biyu ita ce za ta nuna mana ko maganar jure fari gaskiya ce. Da girbi a bar kunyar gefe ɗaya-ɗaya da mita ɗaya a kowane baki, a cire kunya 10 na tsakiya masu mita 20, wato murabba'in mita 150. A busar da su daidai da juna, a ɓare, a auna. Abin da aka samu a ninka shi sau 67, shi ne kimanin na hekta. In ka samu kilo 45, kana maganar kilo 3,000 ke nan. In tsohon irinka ya ba ka 38, kana wajen 2,500, sai Hajiya ta zauna ta ga ko bambancin ya biya kuɗin iri.

Ƙaramin manomi: Malam, in kuma bana ruwa bai ɗauke ba fa? Mun gwada me ke nan?

Malamin gona: Tambaya mai kyau ƙanena. Mun san yadda yake a shekara mai albarka, wanda shi ma sani ne, don irin da zai cece ka shekara ɗaya ya rage maka a shekara uku ba abin so ba ne. Amma jure farinsa ba mu gani ba, sai a sake wata daminar. Gonar Baba ta jigawa za ta fi saurin nuna mana, don yashi ba ya riƙe ruwa, kwana goma babu ruwa a can ya fi kwana goma a laka zafi.

Mai iri: Gwajin tsiro na yarda da shi ɗari bisa ɗari, a yi a gabana ma. In bai kai 90 ba in kwashe kayana. Kilo 5 na gwajin gona kuma ni zan bayar kyauta. Amma ku duba ta ɓangarena, ragin da na yi alkawari na sayen dunƙule ne. In kowa ya tsaya jiran baɗi, wanda fari ya kama bana da tsohon iri wa zai kama?

Baba mai gonar jigawa: Ba zai kama kowa ba ɗana, don ba a yi masa alkawari ba. Ni zan ba da kunya 12, har 24 in ana so. Sauran gonar kuwa abin da na sani zan zuba.

Yaya mai shanun huɗa: Ni a sa 'yar kwana 80 tawa cikin gwajin a matsayin ta uku. In ta sha kaye na yarda.

Malamin gona: A sa ta Yaya, sai dai a girbe ta a lokacinta, kada a bar ta tana jiran sauran, tsuntsu da gara su rage ta.

Wani daga cikin matasa: Ni gaskiya ba zan jira ba. Bara na yi asara da irin rumbu, bana rabin hekta zan shuka na Alhaji in gwajin tsiro ya yi kyau. Mu huɗu ne muka yi shawarar haka. Alhaji, kilo 40 zai samu ragin?

Mai iri: Zai samu wani abu, amma ba kamar na ƙungiya duka ba. Ka kira ni mu yi magana.

Hajiya Ma'aji: Wanda zai saya da aljihunsa ba ni da ta cewa. Kuɗin asusu dai ba zan fitar ba sai an zauna an rubuta. Kuma Alhaji, akwai abin da ba ka amsa ba: in ya tsiro lafiya a buhu, aka shuka, ya girma, sai muka ga gonar ba kai ɗaya ba, wani dogo wani gajere kamar ta ƙanwata, alhali sabuwar leda ce, wa zai ɗauki asarar? Kai ko kamfanin?

Mai iri: Wannan sai na tuntuɓi kamfani Hajiya, ba zan yi alkawarin da ba nawa ba. Abin da zan ce, duk wanda ya saya ya adana ledar da takardar shaidar da rasit har girbi, don da lambar rukunin ake bin kadi.

Hajiya Ma'aji: To ka tuntuɓe su, amsar kuma a rubuce muke so, tare da maganar marar auren nan.

Shugaba: Sakatare, ka rubuta sunayen masu ba da kunya, a tabbatar akwai mata a ciki, kuma kada duka su fito daga gefe ɗaya. Alhaji ya kawo leda huɗu ranar taro mai zuwa, Malam ya zo da buhunan da za a jiƙa. Maganar asusu tana nan a buɗe sai amsar kamfani ta iso.

Sakatare: An gama ranka ya daɗe. Zuwa yanzu mutum bakwai ne suka ba da suna, saura uku, kuma har yanzu ba mu samu mai ƙasar laka ba.